Matakin da Ba Ya Son Tsawo, Ba Ya Son Gajarta: Yadda Kwamfuta ke Auna Saurin Canji

Direban da ya ci kilomita 160 cikin awa biyu zai ce yana gudun kilomita 80 a awa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar tafiyar ce dunƙule. Ba ta gaya mana gudun motar a daidai lokacin da ta wuce wata gada ba. Mai son sanin wannan sai ya rage tazarar da yake aunawa: ya duba abin da motar ta ci cikin minti ɗaya, ko cikin daƙiƙa ɗaya. Duk sa'ad da tazarar ta ƙara ƙanƙancewa, amsar tana ƙara kusantar ainihin gudun wannan lokacin.

A kan wannan tunani aka gina rabin ilimin kalkulas. Masana lissafi suna ɗaukar wata ƙa'ida da ke haɗa lamba da lamba, su kira ta f, sannan su tambaya: in an ɗan matsar da x gaba kaɗan, da wane sauri f ke canjawa? A kan takarda, ana barin tazarar ta yi ta raguwa har ta doshi sifili. Kwamfuta kuwa ba ta iya wannan ba. Dole a ba ta tazara takamaimai, wadda ake kira h, ta lissafa f a wurare biyu, ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, ta raba da tazarar:

```
D(h) = ( f(x + h) - f(x) ) / h
```

Hankali zai ce a ba ta h mafi ƙanƙanta da za a iya rubutawa, magana ta ƙare. Wanda ya yi haka zai sha mamaki, domin amsar tana gyaruwa zuwa wani matsayi ne kawai, daga nan sai ta soma lalacewa, har ta kai ga zama sifili tsagwaronsa. Dalilin wannan juyi shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Misali da za a iya bi da biro da takarda

Bari mu ɗauki tushen lamba, wato lambar da in aka ninka ta da kanta sai ta ba da lambar da aka fara da ita. Tushen 9 shi ne 3, tushen 2 kuwa ya kama daga 1.41421356 ya ci gaba ba iyaka. Tambayarmu ita ce: a daidai x = 2, da wane sauri tushen ke ƙaruwa in x ta ƙaru? Mun zaɓi wannan ne saboda kalkulas ya riga ya ba mu amsar gaskiya, wato 1 a raba da ninki biyu na tushen 2, wanda ya kama 0.353553. Da wannan amsa a hannu, za mu iya ganin yawan kuskuren kowane gwaji.

Sai mu ɗauka muna aiki da kalkuleta mai riƙe gurbi shida kacal bayan ɗigo. A wurinta tushen 2 shi ne 1.414214. In muka fara da h = 0.1, sai mu nemi tushen 2.1, ta ba mu 1.449138. Bambancin su biyun 0.034924 ne, in aka raba da 0.1 sai a sami 0.34924. Mun kauce wa gaskiya da kusan 0.0043. Ga abin da ke fitowa in aka yi ta rage h sau goma-goma:

```
h          f(2+h)     D(h)       |D(h) - 0.353553|
1          1.732051   0.317837   0.036
0.1        1.449138   0.34924    0.0043
0.01       1.417745   0.3531     0.00045
0.001      1.414567   0.353      0.00055
0.0001     1.414249   0.35       0.0036
0.00001    1.414217   0.3        0.054
0.000001   1.414214   0          0.35
```

A layuka uku na farko komai na tafiya yadda ake so: an rage h sau goma, kuskure ya ragu kusan sau goma. A layi na huɗu abin ya tsaya cik. Daga na biyar kuwa kuskuren ya juya yana hauhawa, har a layi na ƙarshe kalkuletar ta ce tushen lamba ba ya canjawa ko kaɗan. Kurakurai iri biyu ne ke kokawa a cikin wannan jadawali, kuma abin da ke kwantar da ɗaya shi ne ke tayar da ɗayan.

Kuskure na farko: datse lissafi

In aka zana tushen lamba a kan takarda, layin da ke fitowa lanƙwasasshe ne, yana hawa amma hawan yana raguwa a hankali. Dabararmu ta ɗauki wurare biyu a kan wannan layi ta haɗa su da miƙaƙƙen layi, ta ce gangaren miƙaƙƙen shi ne amsa. Abin da ta ba mu ke nan shi ne matsakaicin saurin canji tsakanin 2 da 2 + h, ba saurin da ke daidai kan 2 ba. Tun da hawan yana raguwa, matsakaicin ya gaza na farkon tafiya, shi ya sa amsoshin farko duk suka faɗo ƙasa da 0.353553.

Masanin lissafi ɗan Ingila, Brook Taylor, ya wallafa a 1715 hanyar da ake bi a san girman wannan giɓi. Ya nuna cewa za a iya rubuta f(x + h) a matsayin jerin kashi-kashi: f(x), sai h sau saurin canji, sai rabin h sau h sau yawan lanƙwasar layin, haka dai har illa masha Allahu. Dabararmu ta riƙe kashi biyu na farko ta datse sauran, don haka ake ce wa abin da aka rasa kuskuren datsewa. Mafi girma daga cikin abin da aka datse, bayan an raba da h, shi ne rabin h sau yawan lanƙwasa.

A misalinmu lanƙwasar tushen lamba a kan 2 ta kai 0.0884, rabinta kuwa 0.0442. Saboda haka kuskuren datsewa ya kusanci 0.0442 sau h. In h ta zama 0.1, ya kama 0.0044, in ta zama 0.01, ya kama 0.00044. Mai karatu ya gwada waɗannan da jadawalin sama, zai ga sun yi daidai da layi na biyu da na uku. Wannan kuskure ba ruwansa da na'ura. Ko da kalkuletar na riƙe gurbi dubu, yana nan daram, domin daga dabarar kanta ya fito.

Kuskure na biyu: taƙaita lamba

Ɗayan kuma daga na'ura yake. Tushen 2 ba 1.414214 ba ne cif, 1.41421356 ne da ɗoriya. Da kalkuletar ta taƙaita shi zuwa gurbi shida, ta ƙara masa ɗan abin da bai kai rabin ɗaya cikin miliyan ba. Kowace lamba da ta rubuta tana ɗauke da irin wannan ɗan kuskure, ko dai ƙari ko ragi, wanda ba ya wuce 0.0000005. A lamba mai girman 1.4, wannan ba abin damuwa ba ne. Matsalar tana farawa ne sa'ad da aka ɗebe lambobi biyu masu kusanci da juna.

A dubi layi na biyar. Za a ɗebe 1.414214 daga 1.414249. Alƙaluma biyar na farko iri ɗaya ne a duka biyun, sai suka cinye juna, aka bar 0.000035. Mun shiga da lambobi masu ingantattun alƙaluma bakwai, mun fito da mai biyu kacal, kuma na ƙarshensu ma abin shakka ne. Ɗebewar ba ta ƙirƙiri sabon kuskure ba. Ta share ɓangaren da yake sahihi ne, ta bar wanda taƙaitawa ta riga ta taɓa. Kamar mutum ne ya so sanin nauyin zoben azurfa, sai ya ɗora buhun gero a kan sikelin kasuwa, ya jefa zoben ciki ya sake aunawa, ya ce bambancin shi ne nauyin zobe. Sikelin bai yi ƙarya ba, amma abin da ake nema ya fi ƙanƙanta da abin da yake iya rarrabewa.

Daga nan sai rabawa ta ƙara dagula al'amari. Kuskuren lambobi biyun in ya haɗu zai iya kaiwa 0.000001. Raba shi da h = 0.0001 daidai yake da ninka shi sau dubu goma, sai ya koma 0.01. In h ta ƙara raguwa sau goma, iyakarsa ta koma 0.1. A layi na ƙarshe kuwa, tushen 2 da tushen 2.000001 sun taƙaitu zuwa lamba guda, bambancinsu ya zama sifili. Kuskuren taƙaita lamba ke nan: yana girma daidai gwargwadon yadda h ke ƙanƙancewa.

Inda biyun suka yi kunnen doki

Yanzu za mu iya rubuta jimillar kuskure mafi muni da za a iya fuskanta:

```
E(h) = 0.0442*h + 0.000001/h
```

Kashi na farko yana son h ƙarama, na biyu yana son babba. Jimillar tana kaiwa mafi ƙarancinta ne a inda kashin biyu suka yi daidai da juna. In aka warware wannan, sai a tarar h ita ce tushen 0.000001 a raba da 0.0442, wanda ya kusanci 0.005. Mu gwada: tushen 2.005 shi ne 1.415980, bambancinsa da 1.414214 ya kama 0.001766, a raba da 0.005 a sami 0.3532. Kuskuren 0.00035 ne, ya fi na kowane layi a jadawalin ƙanƙanta.

Darasin da ke nan ya wuce wannan misali. Na'ura mai gurbi shida ta ba mu amsa mai ingantattun alƙaluma uku kacal, kuma ba wata h da za ta tabbatar mana da fiye da haka ta wannan dabara. Ƙa'ida ce da ke bin kowace na'ura: mafi dacewar h tana kusa da tushen ɗan kuskuren da na'urar ke yi wajen taƙaita lamba, kuma a can ɗin ma rabin alƙaluman ne ke tsira.

Kwamfutocin zamani, har da wayar hannu, suna bin wani tsari mai suna IEEE 754 wanda aka amince da shi a 1985, kuma William Kahan na Jami'ar California a Berkeley yana cikin manyan waɗanda suka tsara shi. A wannan tsari, lambar da aka fi amfani da ita a lissafin kimiyya tana riƙe alƙaluma kusan 16. Tazarar da ke tsakanin 1 da lambar da ke bi mata ita ce kusan 2.2 × 10⁻¹⁶, wato ɗigo, sifili goma sha biyar, sannan 22. Tushen wannan ya kusanci 1.5 × 10⁻⁸. Ba banza ba ne ya sa manhajar SciPy, a umarninta na `approx_fprime`, take ɗaukar kusan wannan adadi a matsayin h in mai aiki bai zaɓi nasa ba. Mai son gani da idonsa zai iya buga wannan a Python:

```python
from math import sqrt
for k in range(1, 17):
    h = 10.0 ** (-k)
    print(k, (sqrt(2 + h) - sqrt(2)) / h)
```

Zai ga amsar tana gyaruwa har zuwa wajen k = 8, inda alƙaluma bakwai zuwa takwas ke daidai, sannan ta fara rikicewa. A k = 16 sifili zai fito, domin a wurin kwamfuta 2 da aka ƙara wa 10⁻¹⁶ tana nan 2 ɗinta. Abin da ya faru da kalkuletarmu mai gurbi shida ne sak, sai dai ya ɗan jinkirta.

Akwai kuma abin lura game da girman x kanta. Tazarar da ke tsakanin lambobin kwamfuta tana faɗaɗa in lambobin sun yi girma. In x ta kai biliyan ɗaya, ƙara mata 10⁻⁸ ba ya motsa ta ko kaɗan. Shi ya sa ƙwararru ba sa kafe h a adadi ɗaya. Suna ninka 10⁻⁸ ɗin da girman x, domin matakin ya dace da lambar da ake takawa daga kanta.

A tsaya a tsakiya

Tun da rage h yana da iyaka, hanyar samun ingantacciyar amsa ita ce a rage kuskuren datsewa ta wata fuska. Dabara mafi sauƙi ita ce a daina duban gaba kawai. A ɗauki wuri ɗaya a gaban x, ɗaya a bayanta, a raba bambancinsu da faɗin da ke tsakani:

```
C(h) = ( f(x + h) - f(x - h) ) / (2*h)
```

A misalinmu, hawan da ke gaban 2 ya gaza na kan 2, wanda ke bayanta kuma ya fi shi. In aka haɗa su, ragin gaba da ƙarin baya suna kashe juna. A jerin Taylor, kashin lanƙwasa ya fice gaba ɗaya, abin da ya rage yana tafiya ne da h sau h. Ma'ana, in an rage h sau goma, kuskuren datsewa zai ragu sau ɗari.

Mu gwada da h = 0.1 a kan kalkuletar nan dai. Tushen 2.1 shi ne 1.449138, na 1.9 kuma 1.378405. Bambancinsu 0.070733 ne, a raba da 0.2 a sami 0.353665. Kuskuren 0.00011 ne kawai. Da mataki mai faɗin 0.1, mun riga mun fi mafi kyawun abin da dabarar farko ta iya bayarwa. Amfanin wannan shi ne ba mu matsa lambobin biyu kusa da juna sosai ba, don haka ɗebewa ba ta ci alƙaluma da yawa ba.

Kokawar ba ta ƙare ba duk da haka, wurin da ake yin ta ne ya matsa. Kuskuren taƙaita lamba yana nan yana jiran h ta ƙanƙance. A kalkuletarmu, mafi dacewar h ta koma kusan 0.03, inda amsar ke fitowa 0.353567. A kwamfuta kuwa tana wajen 10⁻⁵, kuma alƙaluma goma zuwa goma sha ɗaya ke tsira maimakon takwas. Kashi biyu cikin uku ke nan na abin da na'urar ke riƙewa.

Akwai mataki na gaba da ake jingina wa Lewis Fry Richardson, ɗan Ingila da ya yi amfani da irin wannan lissafi a aikin da ya wallafa a 1911 kan nauyin da ke danne bangon madatsar ruwa, kafin daga baya ya shahara da ƙoƙarin hasashen yanayi ta hanyar lissafi. Tunaninsa shi ne: tun da mun san yadda kuskuren ke girma, za mu iya amfani da wannan sani mu cire shi. In aka ninka h sau biyu, kuskuren dabarar tsakiya yana ninkuwa sau huɗu. Da h = 0.2, tushen 2.2 shi ne 1.483240, na 1.8 kuma 1.341641, amsar ta fito 0.3539975, kuskurenta 0.00044, wato ninki huɗu na wancan 0.00011. Sai a ninka amsar h = 0.1 sau huɗu, a ɗebe ta h = 0.2, a raba da uku. Kurakuran biyu sun share juna, aka sami 0.353554. Gurbi na shida ne kaɗai ya kauce, da ɗaya tal. Akwai ɗan sa'a a nan, domin taƙaita lamba za ta iya kautar da amsar da abin da ya kai bakwai ko takwas a wannan gurbi, amma ko da hakan ta faru, an yi nisa da 0.3532 da muka tsaya a kai da farko.

In lambobin daga ma'auni suka fito

Abin da ya fi kowanne tsanani shi ne sa'ad da ba kwamfuta ce ke lissafa f ba, mutum ne ko na'ura ke aunawa a fili. A nan kuskuren kowace lamba ba ya gurbi na goma sha shida, yana iya zama a na biyu ko na uku.

A ce ma'aikaci yana karanta sandar auna tsayin ruwa a bakin kogi da damina, sandar kuma santimita-santimita aka tsaga ta. A ce ruwan yana ƙaruwa da santimita 12 a yini. In ya kwatanta karatun yau da na jiya war haka, zai sami 12, ko ya kauce da santimita ɗaya, wanda bai kai kashi goma cikin ɗari ba. In kuwa ya ce zai fi ƙwarewa, ya kwatanta karatun yanzu da na awa ɗaya da ta wuce, ainihin ƙarin rabin santimita ne, sandar kuma 0 ko 1 kaɗai za ta iya nuna masa. Lissafinsa zai ce ko dai ruwan ya tsaya cik, ko kuma yana hawan santimita 24 a yini, duka biyun kuma ba gaskiya ba ne. In kuma ya buɗe tazarar zuwa mako guda, zai iya rasa ranar da ambaliya ta taso. Shi ya sa masu aiki da irin waɗannan bayanai sukan fara daidaita su tukuna, su zana layi mai santsi da ya ratsa karatu da yawa, sannan su auna gangaren wannan layin.

Yadda ake gane ɓangaren da aka faɗa

A aiki na zahiri ba a da amsar gaskiya a hannu kamar yadda muka samu a misalinmu, in da ana da ita ai ba a nemi dabara ba. To yaya mutum zai san ko h ɗinsa ta yi yawa ko ta yi kaɗan? Hanyar ita ce kada a yarda da gwaji ɗaya. A lissafa da h, a sake da rabinta, a sake da rubu'inta, sannan a dubi bambancin da ke tsakanin amsoshin a jere.

In kuskuren datsewa ne ke da rinjaye, amsoshin za su riƙa tafiya ta fuska ɗaya cikin tsari. A dabarar duban gaba, kowane bambanci zai zama kusan rabin wanda ya gabace shi. A dabarar tsakiya, kusan rubu'insa. Muddin ana ganin wannan tsari, ana iya ci gaba da rage h. In kuwa amsoshin suka fara tsalle sama da ƙasa, ko bambancin ya daina raguwa, ko kuma alƙaluman amsar suka soma guntulewa kamar yadda 0.3531 ta koma 0.353, ta koma 0.35, ta koma 0.3, to an tsallaka zuwa ɓangaren taƙaita lamba. Sai a koma baya a ɗauki amsar ƙarshe da ta bi tsari, kuma alƙaluman da ita da maƙwabciyarta suka yi tarayya a kansu su kaɗai za a rubuta a rahoto.